Littattafai mace ɗaya ce: yadda ake saka wa karyayyen jam'i siffa a Larabci

Duk lokacin da na zauna gyaran takardun insha'i na ɗalibaina, akwai kuskuren da na san zan ci karo da shi tun kafin in buɗe shafi na biyu. An ce yaro ya rubuta "sababbin littattafai" da Larabci, sai ya kawo كُتُبٌ جَدِيدُونَ, wato *kutubun jadiduna*. Wanda ya ɗan fi shi karatu kuma ya rubuta *kutubun jududun*, yana ganin ya tsallake rijiya. Abin da Balaraben yau zai rubuta shi ne كُتُبٌ جَدِيدَةٌ, *kutubun jadidatun*, siffar tana tsaye a sigar mace guda ɗaya tilo.

Ba na yi wa yaran faɗa sosai a kan wannan, don na san inda abin ya samo asali. Hausa ce take magana a bakinsu. Mu a wajenmu jam'i jam'i ne, ko na mutum ko na dutse: sabon littafi, sabuwar riga, amma sababbin littattafai, sababbin riguna, sababbin malamai. Da abu ya wuce ɗaya, zancen namiji da mace ya ƙare, siffa ta koma jam'i. Larabci kuwa kafin ya saka wa jam'i siffa sai ya yi tambaya ɗaya: wannan jam'in na masu hankali ne ko na marasa hankali? Duk jagorar nan a kan wannan tambaya ta rataya.

Mataki na farko: tabbatar jam'i ne, ka nemo tilonsa

Karyayyen jam'i, wanda malaman nahawu suke kira *jam'ut taksir*, shi ne wanda ginin kalmar ya canza daga ciki: *kitab* ya koma *kutub*, *ƙalam* ya koma *aƙlam*, *masjid* ya koma *masajid*, *rajul* ya koma *rijal*. Ba shi da wata alama a ƙarshe irin ta *muslimuna* ko *muslimaat* da za ta sanar da kai. Bahaushe bai kamata ya tsorata da wannan ba, mu ma haka muke yi: gari garuruwa, doki dawakai, akuya awaki.

Inda ake faɗawa rami shi ne dogaro da siffar kalma kawai. *Kitab*, *jibal* da *rijal* duk ma'auninsu ɗaya ne a kunne. Amma *kitab* tilo ne, littafi ɗaya. *Jibal* jam'in *jabal* ne, duwatsu. *Rijal* kuma mazaje. Kowanne da irin siffar da yake ɗauka: *kitabun kabirun*, *jibalun aliyatun*, *rijalun kibarun*. Haka *dukhul*, shiga, da *ƙulub*, zukata: amo ɗaya, amma na farko tilo ne namiji, na biyu jam'i. Saboda haka kada ka taɓa siffa sai ka iya faɗin tilon kalmar da bakinka. In ka kasa, buɗe ƙamus. Ni shawarar da nake ba kowa ita ce ya haddace sabuwar kalma tare da jam'inta a numfashi ɗaya, *baitun buyutun*, *babun abwabun*.

Wani abu kuma: biyu ba jam'i ba ne a Larabci. Hausa ba ta da siga ta musamman ga abu biyu, shi ya sa ɗalibi kan manta. Littattafai biyu sababbi *kitabani jadidani* ne, siffa tana bin sunan a biyuntakarsa da jinsinsa. Ƙa'idar da muke magana a kanta daga uku take farawa.

Mataki na biyu: tambayi tilon, kai mutum ne?

Nan ne zuciyar aikin. Malamai suna cewa *aƙil* da *gairu aƙil*, mai hankali da marar hankali. Kada sunan ya ruɗe ka, ba wayo ake aunawa ba, nau'in abin ake dubawa. Jariri yana cikin masu hankali, mahaukaci ma haka, don su 'yan Adam ne. Mala'iku da aljanu suna wannan layi, shi ya sa a Suratun Nisa'i aka ce *almala'ikatul muƙarrabuna*. Doki kuwa, komai sanin hanyar gidansa, yana layi ɗaya da kujera da tsakuwa. Dabbobi, tsirrai, kayan aiki, kwanaki, ra'ayoyi, gaɓoɓin jiki, duk marasa hankali ne a wannan ma'auni.

In tilon mutum ne, yi abin da Hausa ta saba maka, ka jam'anta siffar: *ɗullabun mujtahiduna*, ɗalibai masu ƙwazo, *ulama'u kibarun*, manyan malamai, *alkhulafa'ur rashiduna*. In tilon ba mutum ba ne, ɗauki jam'in gaba ɗaya kamar wata mace guda. Ba ruwanka da jinsin tilon. *Bait* namiji ne, *madrasa* mace ce, amma da an jam'anta su sun zama ɗaya: *buyutun wasi'atun*, *madarisu wasi'atun*.

Wanda ya haddace izu na ƙarshe yana da ma'aunin nan a kansa, ko da bai taɓa lura ba. Karanta Suratul Gashiya daga aya ta 13 zuwa ta 16 (lambobin ayoyi a nan na bugun Hafsu ne, mai riƙe da Warshu zai iya ganin ɗan bambanci):

فِيهَا سُرُرٌ مَرْفُوعَةٌ، وَأَكْوَابٌ مَوْضُوعَةٌ، وَنَمَارِقُ مَصْفُوفَةٌ، وَزَرَابِيُّ مَبْثُوثَةٌ

Gadaje, kofuna, matasai, shimfiɗu: jam'i huɗu a jere, kowanne da siffar mace tilo. Wanda ya fi burge ni shi ne na Suratu Abasa, shi ma daga aya ta 13 zuwa ta 16, don a can ana ganin sauyin yana faruwa a gaban ido. Ana maganar takardu, aka ce *fi suhufin mukarramatin, marfu'atin muɗahharatin*, duk mace tilo. Da aka zo kan marubutan da suke riƙe da su, waɗanda mala'iku ne, sai siffar ta juya jam'i: *bi aidi safaratin, kiramin bararatin*. *Kiram* jam'in *karim* ne, *barara* kuma jam'in *barr*. Ayoyi huɗu sun koyar da babin gaba ɗaya.

Kalmar *safara* da *barara* sun kawo mu ga wani tarko. Akwai jam'in maza da yake ƙarewa da ta'u marbuɗa: *asatiza* malamai, *ɗalaba* ɗalibai, *ƙudat* alƙalai. Ɗalibi ya ga ة a ƙarshe sai hannunsa ya rubuta *asatizatun mahiratun*. Kuskure ne a rubutun yau da kullum, domin tilon *ustaz* ne, mutum namiji, don haka *asatizatun mahiruna*. Amma *as'ila* tambayoyi da *adwiya* magunguna, masu irin wannan ƙarshe, su ne suke ɗaukar siffar mace: *as'ilatun sa'abatun*, *adwiyatun nafi'atun*. Ba harafin ƙarshe ne alƙali ba, tilon ne.

Sai kuma kalmomin da suke nufin tarin jama'a. Al'ummomi, ƙasashe, ƙabilu, ƙungiyoyi, ai mutane ne a cikinsu, ko ba haka ba? Haka ne, amma tilon kowanne ba mutum ba ne. *Umma* ba mutum ba ce, taro ce. *Daula* ma haka. Shi ya sa sunan Majalisar Ɗinkin Duniya a Larabci *Al'umamul Muttahida* ne, ƙasashen Larabawa *adduwalul arabiyya*, al'ummomin Afirka *ashshu'ubul ifriƙiyya*. Wanda yake sauraron labarai da Larabci yana jin waɗannan kullum.

Mataki na uku: ƙera siffar mace yadda ya dace

Yawanci ƙara ta'u marbuɗa ya isa: *jadid* ya zama *jadida*, *kasir* ya zama *kasira*. Amma ba kowace siffa ce take zama mace ta wannan hanya ba. *Akbar* macensa *kubra*, *ahsan* macensa *husna*, *akhar* macensa *ukhra*. Don haka manyan birane *almudunul kubra*, kuma *al'asma'ul husna* da muke faɗi kullum wannan ƙa'idar ce tsaf: sunaye jam'i ne na marar hankali, *husna* kuma mace tilo. Annabi Musa, Alaihis Salam, da yake bayanin sandarsa a Suratu Ɗaha ya ce *ma'aribu ukhra*, wasu buƙatu na daban.

Launuka suna da nasu gini: *ahmar* macensa *hamra'u*, *abyad* macensa *baida'u*. A jarida da littattafan makaranta za ka ga *buyutun baida'u*, fararen gidaje. Za mu sake dawowa kan launi, don akwai magana a kai.

Mataki na huɗu: kada ka manta da sauran biyayya

Malaman nahawu suna cewa siffa tana bin mai siffa a abu huɗu cikin goma: ɗaya daga raf'i, nasabi da jarri, ɗaya daga ma'arifa da nakira, ɗaya daga namiji da mace, ɗaya daga tilo, biyu da jam'i. Ƙa'idarmu ta taɓa biyun ƙarshe ne kawai. Biyun farko suna nan daram. Na sha ganin ɗalibi ya yi murnar tuna ta'u marbuɗa har ya manta da alif da lam, ya rubuta *alkutubu jadidatun* alhali yana nufin "sababbin littattafan". Abin da ya rubuta jimla ce cikakkiya, ma'anarta "littattafan sababbi ne". Wanda yake nema shi ne *alkutubul jadidatu*.

Bari mu ɗauki jimla ɗaya mu bi ta daki-daki: "Sababbin ɗaliban sun sayi tsofaffin littattafai daga ƙananan shaguna, suka karanta su."

Jam'i uku ne a ciki, kuma a Hausa siffofin ukun duk jam'i ne. Na farko *ɗullab*, tilonsa *ɗalib*, mutum. Siffarsa jam'i ce, *judud*. An san su, kuma su ne masu aiki, don haka alif da lam da raf'i: *aɗɗullabul jududu*. Fi'ilin da ya gabace su yana zama a tilo, *ishtara*, kamar yadda aka saba idan fi'ili ya zo a gaba.

Na biyu *kutub*, tilonsa *kitab*, ba mutum ba. Siffarsa mace tilo, *ƙadima*. Ba a san waɗanne littattafai ba ne, kuma su aikin ya faɗa wa, don haka nakira da nasabi: *kutuban ƙadimatan*.

Na uku *dakakin*, tilonsa *dukkan*, shago, shi ma ba mutum ba. Siffarsa *sagira*. Ya zo bayan *min*, saboda haka jarri ne. A nan ne ko gwanayen aji suke tuntuɓe. *Dakakin* yana cikin jam'o'in da ba sa karɓar tanwini, kamar *masajid*, *madaris*, *mafatih*, kuma idan suna nakira ana yi musu jarri da fataha maimakon kisira. Sai ɗalibi ya ga *dakakina* da fataha, ya kwaikwayi wasalin ya ce *sagiratan*. A'a. Siffa tana bin matsayin kalma ne, ba wasalin da ido ya gani ba. Matsayin jarri ne, ita kuma *sagira* ba abin da ya hana ta kisira da tanwini: *min dakakina sagiratin*. Koma ka dubi *namariƙu masfufatun* a Gashiya, za ka ga sunan ba tanwini, siffar da tanwini.

Saura "suka karanta su". Suka, ɗalibai ne, don haka *ƙara'u*. Su na ƙarshe kuwa littattafai ne, kuma littattafai mace ɗaya ce, don haka *ha*, ba *hum* ba. Jimlar ta fito haka:

اِشْتَرَى الطُّلَّابُ الْجُدُدُ كُتُبًا قَدِيمَةً مِنْ دَكَاكِينَ صَغِيرَةٍ وَقَرَؤُوهَا

In ka rubuta *ƙara'uhum*, Balarabe zai ji kamar mutane aka karanta.

Wannan *ha* ta nuna cewa abin bai tsaya a siffa ba. Duk kalmar da take komawa ga jam'in marar hankali haka take yi. Nuni: *hazihil kutubu*, ba *ha'ula'i* ba. Sadarwa: *alkutubul lati ƙara'tuha*, ba *allazina* ba. Labari: *alkutubu mufidatun*. Fi'ili: *wa izal jibalu suyyirat*. A Ali Imrana aya ta 140 an haɗa biyu wuri guda, *wa tilkal ayyamu nudawiluha bainan nas*: *tilka* ta mace ce, *ha* ma ta mace. Dabarar da nake koya wa 'yan ajina mai sauƙi ce. Cire jam'in, ka sa kalmar *sayyara*, mota, a gurbinsa, ka karanta jimlar. Duk abin da ya dace da mota ɗaya ya dace da *kutub* da *buyut* da *ayyam*.

Ƙa'idar tana da amfani a wajen karatu ma, ba rubutu kaɗai ba, musamman a littafin da ba wasali. Idan suna biyu suka jingina da juna, siffa tana zuwa bayansu duka, sai ka rasa ta wanne ce. Dubi أبواب المسجد الكبيرة da أبواب المسجد الكبير. Na farko manyan ƙofofin masallaci ne, domin siffar mace ba ta da wurin komawa sai *abwab*. Na biyu ƙofofin babban masallaci ne. Haka كتب الطلاب الجديدة sababbin littattafan ɗalibai ne, كتب الطلاب الجدد kuma littattafan sababbin ɗalibai. Harafi ɗaya ko biyu ne suka raba ma'anar.

To ina batun *ayyaman ma'adudaat*?

Ba a taɓa gama wannan darasi ba tare da wani mahaddaci ya ɗaga hannu ba: "Malam, ai a ayar azumi an ce أَيَّامًا مَعْدُودَاتٍ, kuma kwanaki ba mutane ba ne." Gaskiyarsa. Tambayar tana da kyau, kuma ban yarda da malamin da zai share ta da cewa "wannan Alƙur'ani ne" ya wuce ba.

Amsar ita ce, mace tilo ita ce hanya mafi yawa, ba ita kaɗai ce halattacciya ba. Larabcin farko ya yarda a siffanta jam'in marar hankali da jam'in mata, ko da wani karyayyen jam'in. Hujja mafi ƙarfi ita ce magana iri ɗaya ta zo da fuska biyu: a Baƙara aya ta 80 *ayyaman ma'adudatan* (مَعْدُودَةً), a Ali Imrana aya ta 24 kuma *ayyaman ma'adudaatin* (مَعْدُودَاتٍ). Ga kuma *alhajju ashhurun ma'alumaat* a Baƙara 197, da *al'ashhurul hurum* a Tauba aya ta 5, da *min ayyamin ukhar*.

Malaman nahawu sun lura cewa siffar jam'i ta fi zuwa idan adadin kaɗan ne, daga uku zuwa goma, mace tilo kuma idan abin yana da yawa. Misalin da suke kawowa shi ne Tauba aya ta 36. Da ana maganar watanni 12 aka ce *minha*, da aka koma kan huɗu masu alfarma aka ce *fihinna*. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin karkata, ba doka ba, tunda *akwab* yana kan ma'aunin jam'in kaɗan ne amma ga shi da *maudu'atun*.

Launuka ma a Alƙur'ani jam'i suke zuwa: *siyaban khudran*, korayen tufafi, a Suratul Kahfi, *judadun bidun wa humrun* a Suratu Faɗir. Saboda haka wanda ya rubuta *siyabun bidun* bai yi kuskure ba, hasali ma ya bi tsohuwar hanya, kuma akwai masu tsaurin harshe da suka fi son ta a kan *siyabun baida'u*.

Akwai ma akasin haka. Wani lokaci ana ɗaukar karyayyen jam'in mutane a matsayin ƙungiya ɗaya a ba shi mace tilo, kamar *azwajun muɗahharatun* da *ƙalatil a'arabu*. Wani lokaci kuma marar hankali yana yin aikin masu hankali sai a ɗaga shi zuwa layinsu. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya ga taurari 11 da rana da wata, ya ce *ra'aituhum li sajidina*, domin sujada aikin masu hankali ne.

Me ɗalibi zai yi da duk wannan? Idan kana karatu, ka gane su duka, kada ka ce marubuci ya yi lahani. Idan kana rubuta wasiƙa, insha'i ko amsar jarrabawa, tsaya a kan mace tilo ga marasa hankali, jam'i ga mutane, ba mai kama ka da laifi. Abu ɗaya kuma da ban yarda da shi a takardar ɗalibi ba ko ta wace fuska shi ne siffa mai *una* ko *ina* a kan kayan da ba su yi aikin mutane ba. *Kutubun jududun* yana da mafaka a tsohon harshe, *kutubun jadiduna* ba shi da ita.

Abubuwa biyu da suke kama da ƙa'idar amma ba ita ba ce

Na farko lamba. Idan lamba daga uku zuwa goma ta zo a matsayin siffa, tilon sunan take kallo, kuma tana saɓa masa a jinsi. *Alkutubus sitta* ya zo da ta'u marbuɗa ne saboda *kitab* namiji ne, ba don littattafai mace ba ce. Shi ya sa ake cewa *almadarisus salasu*, makarantun nan uku, ba ta'u marbuɗa, tunda *madrasa* mace ce. In ka haɗa lamba da siffa, kowacce da hanyarta: *salasatu kutubin jadidatin*, *salasu madarisa jadidatin*.

Na biyu sunayen jinsi, irin su *shajar* bishiyoyi, *nakhl* dabino, *baƙar* shanu, *waraƙ* ganye ko takarda. Ma'anarsu ta jam'i ce, amma ba karyayyen jam'i ba ne. Ana gane su da cewa tilonsu ne yake da ta'u marbuɗa: *shajara*, *nakhla*, *baƙara*, *waraƙa*. A rubutun yau an fi siffanta su da namiji tilo, *shajarun kasirun*, *waraƙun abyadu*. Alƙur'ani ya kawo fuska biyun a kan kalma ɗaya: *nakhlin munƙa'irin* a Suratul Ƙamar, *nakhlin khawiyatin* a Suratul Haƙƙa. Da zarar ka karya kalmar ta koma *ashjar* ko *auraƙ*, ka dawo gida: *ashjarun kasiratun*, *auraƙun baida'u*.